Nawa Gidan Haya Yake Kawowa a Zahiri? Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gidajen Haya a Sakkwato

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu gidajen haya da masu niyyar saye suka fi maimaitawa a cikin garin Sakkwato. Domin kada bayanin ya tsaya a fatar baki, an ɗauki gida guda a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe: gida mai fulat huɗu a Arkilla, kowane fulat ɗaki biyu da falo, ana ba da shi haya a kan Naira 720,000 a shekara, wato Naira 60,000 a wata. An tsara alƙaluman ne domin koyar da lissafi, saboda haka kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Dillali ya ce mini gidan zai riƙa kawo kashi 8 cikin ɗari a shekara. Ƙarya ya yi ne?

Bai yi ƙarya ba, amma abin da ya lissafa ba shi ne zai shiga aljihunka ba. Ya tara hayar fulat huɗu ya sami Naira 2,880,000, ya raba ta da kuɗin da aka sa wa gidan, wato Naira miliyan 36, sai ya sami kashi 8 cikin ɗari. Wannan lissafin ya ginu ne a kan zato uku: cewa babu fulat ɗin da zai kwana ko wata ɗaya babu kowa a ciki, cewa kowane ɗan haya zai biya har kwabon ƙarshe, da kuma cewa gidan ba zai taɓa neman gyara ba. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan haya na shekara biyu ya san babu ɗaya daga cikin ukun da ke tabbata. Amfanin lissafin dillali shi ne kwatanta gidaje a gurguje kafin a je duba su. Ba a yanke shawarar saye da shi.

To, yaya ake fitar da tsantsar ribar?

Ana farawa da hayar da ta kamata a karɓa a shekara idan gidan ya cika, a cire hayar watannin da fulat ya zauna babu kowa, a cire bashin da bai fito ba, sannan a cire abin da aka kashe wajen gyara da kula da gidan. Abin da ya rage shi ne ake rabawa da dukkan jarin da aka zuba, a ninka da 100.

```
tsantsar riba (%) = (hayar da aka karɓa − kashe-kashen shekara) ÷ jimillar jari × 100
```

Lissafin kansa ɗan firamare ma zai iya yi. Wahalar tana wajen gano alƙaluman gaskiya da za a sa a kowane gurbi, kuma a nan ne sauran tambayoyin suka tsaya.

Me ake nufi da jimillar jari? Ba kuɗin da na biya mai gidan ba ne?

Kuɗin da ka miƙa wa mai sayarwa shi ne kaso mafi girma, amma ba shi kaɗai ya fita daga hannunka ba kafin ɗan haya na farko ya karɓi makulli. A misalinmu an biya la'adar dillalai Naira 1,800,000, an kashe Naira 1,200,000 wajen lauya da binciken takardu da sauya suna, sannan aka kashe Naira miliyan 1 wajen gyaran farko, domin an tarar da silin ɗin fulat ɗaya ya ruɓe kuma gara ta cinye ƙofofi biyu. Idan aka haɗa da Naira miliyan 36, jarin ya zama Naira miliyan 40 cif. Tun kafin a cire komai daga haya, kashi 8 ɗin nan ya riga ya sauko zuwa 7.2.

Akwai bambanci da ya kamata a riƙe tsakanin gyara da ƙari. Duk abin da ya mayar da gidan yadda yake a da, kamar sauya famfon da ya lalace, gyara ne, kuma daga hayar shekara ake cire shi. Abin da ya ƙara wa gidan wani sabon abu, kamar haƙa rijiyar burtsatse inda babu, ko sa sola, ko fitar da shago a jikin katanga, wannan ƙari ne, ana ɗora shi a kan jari. Wanda ya cire kuɗin haƙa rijiya daga hayar shekara ɗaya zai ga kamar ya faɗi a shekarar, sannan ya ga ribar da ta fi gaskiya a shekarun da ke biye, kuma duka biyun ruɗi ne.

Ta yaya zan san watanni nawa zan sa na zaman fulat babu kowa, alhali a yanzu gidan a cike yake?

Cikar gida a ranar da aka je duba shi ba ta nuna komai, domin mai sayarwa ya fi son ya nuna shi a cike. Abin da ake nema shi ne tarihin aƙalla shekara uku, daga rasit ko daga littafin wakili, idan kuma babu, maƙwabta da maigadi sukan san lokacin da fulat kaza ya daɗe a rufe.

Ana ƙirga shi ne da watannin fulat. Fulat huɗu a cikin shekara uku suna da watanni 144 da za a iya karɓar haya a kansu. A misalinmu, littafi ya nuna fulat ɗaya ya yi wata biyar a rufe bayan an yi wa ɗan hayar da ke ciki canjin wurin aiki, wani ya yi wata huɗu, wani wata uku, na huɗun kuma bai taɓa zama babu kowa ba. Jimilla wata 12 ke nan cikin 144, wato ɗaya bisa goma sha biyu, ko kuma wata huɗu a kowace shekara ga gidan gaba ɗaya. Wata huɗu sau Naira 60,000 ya ba da Naira 240,000, kuma wannan ne za a cire kowace shekara, har da shekarar da gidan ya cika tun daga farko har ƙarshe.

Wajibi ne a ƙirga tun daga ranar da hayar tsohon ɗan haya ta ƙare zuwa ranar da ta sabon ta fara. Mutane da yawa suna mantawa da makonnin da ake jiran wanda wa'adinsa ya cika ya kwashe kayansa, da makonnin fenti da gyara, da kuma waɗanda sabon mai kamawa yake cewa a ɗan dakata masa sai albashi ya shigo. Idan aka haɗa su, da wuya sauyin ɗan haya ya ci ƙasa da wata ɗaya ko da akwai mai jira a ƙofa.

Irin mutanen da ke zaune a gidan shi ke nuna yawan wannan asarar. Magidanci mai iyali da yara a makarantar unguwa yakan daɗe, ma'aikacin da ake iya ɗauke shi zuwa wata jiha yakan tashi ba zato, ɗakunan ɗalibai kuwa sun fi kowanne haɗari. Masu ɗakunan da suka dogara da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun ga haka a 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda yake lissafin cewa wata ɗaya kacal a shekara ɗakunan irin wannan gidan za su zauna babu kowa yana yaudarar kansa.

Bashin da ɗan haya ya tafi da shi fa, a ina yake shiga?

Yana da gurbinsa dabam da na zaman fulat babu kowa, ko da yake sakamakonsu ɗaya ne. A gidan misalinmu, mutum ɗaya ya tashi da bashin wata shida a cikin shekara ukun, wato Naira 360,000, kuma bayan an kai maganar gaban mai unguwa aka ga ba shi da halin biya, mai gidan ya yafe. Idan aka raba a kan shekara uku, Naira 120,000 ke nan a shekara. Yafiya alheri ce da ake neman ladanta, amma hakan ba ya hana a rubuta cewa kuɗin bai shigo ba. Daga Naira 2,880,000, bayan cire 240,000 da 120,000, hayar da ake karɓa a zahiri ta tsaya a Naira 2,520,000.

Bana ban kashe komai a gyara ba sai 'yan ƙananan abubuwa. Me ya sa za a ce in cire kuɗi mai yawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan lissafi ke karkacewa. Gyara iri biyu ne. Akwai na yau da kullum wanda kowa yake gani: famfo ya fara zuba, sakata ta karye, waya ta ƙone, sokawe ya cika an kira motar kwashewa, iskar farkon damina ta ɗaga kwano ɗaya ko biyu an kira kafinta. A misalinmu matsakaicin wannan a shekara uku ya kama Naira 280,000 a shekara.

Akwai kuma babban gyara wanda ba ya zuwa kowace shekara, amma gidan yana cin sa a hankali kullum. Fenti yana koɗewa a ƙarƙashin ranar Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙurar hunturu tana bin bango, injin jan ruwa yana tsufa duk lokacin da aka kunna shi, kwano kuma yana tsatsa tun daga wurin ƙusa. Shekarar da ba ka biya komai a kansu ba, bashi ne ya taru, kuma ranar biyansa tana tafe. Hanyar lissafa shi ita ce a ɗauki kowane babban abu, a nemi kuɗin sauya shi a farashin yau, a raba da shekarun da yake yi.

A gidan Arkilla, fentin ciki da waje zai ci Naira 1,200,000 kuma ana sabunta shi duk shekara huɗu, saboda haka rabon shekara ɗaya Naira 300,000 ne. Sauya rufin gaba ɗaya zai ci Naira miliyan 3 bayan kimanin shekara 20, wato 150,000 a shekara. Injin rijiya na Naira 300,000 yana yin shekara biyar, wato 60,000, tankunan ruwa kuma na Naira 200,000 suna yin shekara goma, wato 20,000. An tara Naira 530,000 ke nan, kusan ninki biyu na ƙananan gyare-gyaren da mai gidan yake gani da idonsa. Shekarun da aka ambata sun danganta da ingancin aiki da kayan da aka sa, don haka birkila ko kafintan da ya san gidan shi ne zai fi iya faɗin nawa suka rage wa kowane abu. Idan rufin ya riga ya yi shekara 14 a ranar da ka saya, to Naira miliyan 3 ɗin a kan shekara shida za ka raba, ba 20 ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya zama dalilin neman ragi a wurin ciniki.

A ganina bai isa a rubuta wannan kuɗin a takarda kawai ba. Ya fi kyau a ware shi da zarar an karɓi haya, domin kuɗin da ya kwana tare da na cefane ba ya kaiwa ranar da kwano zai nemi sauyi. Haka kuma a riƙa sabunta farashin kowace shekara. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma wanda ya ci gaba da ware kuɗin fenti a kan farashin shekarun baya ya tarar abin da ya tara bai kai ba.

Idan ɗan haya ya yi gyara da kuɗinsa aka cire daga haya, yaya zan rubuta?

A rubuta hayar a cike a ɓangaren abin da ya shigo, a rubuta gyaran a ɓangaren abin da aka kashe. Ribar ba za ta canza ba, amma idan aka rubuta ragowar kawai, bayan shekara uku ba za a san ainihin abin da gyara yake ci ba. Haka nan idan an karɓi hayar shekara biyu a dunƙule, rabinta kaɗai ne na shekarar da ake lissafi.

Nawa ne kuɗin kula da gida, kuma a kan me ake lissafa shi?

Ya danganta da yarjejeniya. A misalinmu wakilin yana karɓar kashi 10 cikin ɗari, kuma abin lura shi ne a kan wane kuɗi. Idan a kan hayar da ya karɓo ne, wato Naira 2,520,000, rabonsa 252,000 ne. Idan a kan hayar da aka rubuta a takarda ne, ko ta shigo ko ba ta shigo ba, zai ɗauki 288,000. Bambancin Naira 36,000 ba shi da yawa, amma tsari na farko ya fi, domin wakilin da rabonsa ke raguwa idan fulat ya zauna a rufe ba zai bari a yi wata uku ana neman mai kamawa ba. A kuma tambaya tun farko ko akwai wani kuɗi dabam da yake caja idan ya kawo sabon ɗan haya, da iyakar kuɗin gyaran da zai iya kashewa ba tare da ya nemi izini ba, a kuma sharɗanta rasit a kan kowane aiki.

Akwai wasu ƙananan kashe-kashe da ke bin gidan ko da kowa ko babu: harajin ƙasa na shekara, rabon kuɗin maigadi da na kwashe shara na fulat ɗin da ba kowa, da wutar injin rijiya idan mai gida ke biya. A misalinmu sun kama Naira 108,000. Gidan da ba shi da mita mai kati yana da ƙarin haɗari, domin bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari yakan dawo kan mai gida kafin sabo ya yarda ya shiga.

Ni da kaina nake kula da gidana, ba ni da wakili. Sai in bar wannan gurbin babu komai?

Idan kana son sanin kuɗin da ya rage a hannunka ne kawai, kana iya barinsa. Idan kuwa kana son kwatanta gidan da wata hanyar juya kuɗi, to ka sa kason da wakili zai karɓa, domin man da kake ƙonawa daga Mabera zuwa Arkilla, da yinin da kake rufe shago kana tsaye a kan mai gyaran famfo, da zaryar neman haya, duk aiki ne da kake yi. Abin da ka rage ladan wahalarka ne, bai fito daga jarin ba, kuma ranar da tafiya ko rashin lafiya ta sa ka wakilta wani, sai ka biya.

Idan aka haɗa duka, nawa gidan misalin ya kawo?

Hayar da aka karɓa Naira 2,520,000 ce. An cire 252,000 na wakili, da 280,000 na ƙananan gyare-gyare, da 530,000 na tanadin babban gyara, da 108,000 na sauran kashe-kashe, jimilla Naira 1,170,000. Abin da ya rage shi ne Naira 1,350,000. Idan aka raba da jarin Naira miliyan 40 aka ninka da 100, ana samun kimanin kashi 3.4 cikin ɗari, ƙasa da rabin abin da dillali ya faɗa. Da lissafin dillali, haya za ta mayar da kuɗin gidan cikin shekara 12 da rabi. Da wannan lissafin kuwa, idan komai ya tsaya yadda yake, sai an doshi shekara 30.

Wannan adadi kafin haraji ne. Idan ɗan hayarka kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati, za su cire kashi 10 cikin ɗari na hayar a matsayin harajin da ake riƙewa tun daga tushe, kuma haƙƙinka ne ka karɓi shaidar cirewar, domin ana lissafa maka ita a cikin harajin da ke kanka.

Tunda ribar ta yi ƙasa, ba sai in ƙara kuɗin haya ba?

Ana iya ƙarawa, amma a fara auna abin da zai biyo baya. A ce ka ƙara daga Naira 60,000 zuwa 66,000 a wata, wato ƙarin 72,000 a shekara. Idan mutumin ya amince, ka ci riba. Idan ya tashi fulat ɗin ya yi wata uku a rufe, za ka karɓi hayar wata tara a sabon farashi, wato 594,000 a maimakon 720,000, ka rasa 126,000 ke nan, ga kuma kimanin 100,000 na fenti da gyaran da ba za a yi ba da ya ci gaba da zama. Ƙarin 72,000 zai ɗauki fiye da shekara uku kafin ya cike wannan gurbin na 226,000. Shi ya sa ɗan hayar da ke biya a kan lokaci kuma yake riƙe gida da kyau ya cancanci a yi masa ƙari kaɗan-kaɗan tare da sanarwa tun da wuri, maimakon a bar haya shekara biyar a wuri ɗaya sannan a ninka ta rana ɗaya.

Ƙanena yana zaune a fulat ɗaya ba ya biya. Yaya zan yi da shi a lissafi?

Kada ka sa shi cikin watannin da ba kowa, domin hakan zai sa gidan ya zama kamar ba ya samun masu haya. Ka lissafa ribar kamar yana biya, sannan ka rubuta Naira 720,000 a gefe a matsayin abin da kake bayarwa don zumunci.

Gidan gado ne, ko kuma na saye shi tun da daɗewa da araha. Da wane kuɗi zan raba?

Amsar ta danganta da abin da kake son sani. A ce wannan gidan ka mallake shi shekarun baya a kan Naira miliyan 12. Idan ka raba 1,350,000 da miliyan 12 za ka sami sama da kashi 11 cikin ɗari, kuma wannan yana nuna cewa sayen da ka yi a lokacin ya yi kyau. Amma idan tambayar ita ce a ci gaba da riƙe gidan ko a sayar, kamar yadda magada sukan yi ta muhawara a kai, to da abin da za a samu a hannu idan aka sayar yau ake rabawa, bayan an cire la'ada. Gidan da zai bar Naira miliyan 40 a hannu yana riƙe da miliyan 40 na magada, kuma kashi 3.4 yake ba su.

Tashin darajar gidan lissafi ne dabam wanda ba a cakuɗa shi da ribar haya, domin ba ya zama kuɗi sai an sayar, kuma galibi filin ne ke tashi yayin da ginin ke tsufa. Magadan da suka zaɓi riƙe gida mai kashi 3.4 saboda unguwar tana bunƙasa suna da hujja, muddin dai abin da suke rabawa a tsakaninsu a ƙarshen shekara shi ne Naira 1,350,000, kuma 530,000 na tanadin gyara yana ajiye a hannun wanda duka suka amince da shi.